Yadda Ake Rubuta Gayyatar Zaman Dangi Kafin Biki

Idan aka sa ranar biki, aikin kiran dangi zaman shiri yakan faɗa a kan wani matashi na gidan, yayan amarya ko ƙanen ango, ko dai wanda aka san hannunsa ba ya rabuwa da waya. Abin da aka fi gani shi ne ya rubuta layi biyu: "Ana gayyatar kowa da kowa taro ranar Asabar a gida don tattauna maganar biki. Allah ya ba da ikon zuwa." Wannan saƙon bai faɗi wace Asabar ba, bai faɗi gidan wa ba, bai faɗi ƙarfe nawa ba, kuma bai bambanta abin da aka riga aka yanke da abin da ake neman shawara a kai ba. Sakamakon haka wasu su zo da hantsi, wasu da yamma, kuma a shafe rabin zaman ana ja-in-ja kan ranar da iyaye suka tsayar tun tuni.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce an tsayar da bikin ƙanwarka ranar Asabar, 12 ga Disamba, 2026, mahaifinku kuma ya ɗora maka kiran dangi. Idan mace ce aka ɗora wa aikin, duk abin da ke nan haka yake.

Kafin ka taɓa waya, zauna da mai taron

Kai marubuci ne kawai, taron na Baba ne. Wannan ya shafi yadda za a karɓi saƙon, domin babban mutum ba zai so a ce yaron da aka haifa a gabansa ne ya kira shi zama ba, amma idan ɗan'uwansa ne ya kira, zai zo. Saboda haka sunan Baba ne zai fito a gayyatar, naka ya zo a ƙasa a matsayin wanda za a tuntuɓa.

Ka samu Baba da Umma tare, da takarda a hannunka, ka raba ta gida biyu. A gefe ɗaya ka rubuta abin da aka gama magana a kai, a ɗaya gefen abin da ke buɗe. Ka riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya: ranar ta tabbata ko tana iya motsawa? An tsayar da garin da za a yi bikin? Kwana nawa za a yi ana hidima? Wa zai ɗauki mafi yawan kuɗin, kuma ana neman gudummawar dangi ne ko shawararsu kaɗai? A nan ne sau da yawa za ka tarar iyayen ma kansu bai haɗu ba, Baba yana ganin ƙaramin taro za a yi, Umma kuwa ta riga ta lissafa mutum ɗari uku. Gara wannan saɓanin ya fito a ɗaki tsakaninku uku da ya fito a gaban kawunai da gwaggwanni. Kada kuma a manta da amaryar: ka tambaye ta abin da ba ta so a taɓa, domin galibi ba ta iya musu da manya a bainar jama'a.

A zaman nan ne kuma za a fitar da sunayen waɗanda za a kira. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne a kira mutum idan maganarsa tana yanke hukunci, ko zai ba da kuɗi, ko zai ɗauki aiki. Sai rukuni na huɗu, waɗanda ba su cikin ukun nan amma rashin kiransu zai zama abin magana shekara da shekaru, su ma a sa su. Ka bi gida-gida, dangin uba daban, dangin uwa daban, don kada a tsallake wani reshe. A misalinmu lissafin ya tsaya a mutum 24. Wannan adadin shi zai gaya maka irin wurin da kake bukata, kuma da zarar ya haura talatin, a ganina, zaman shawara ya koma taron sanarwa, gara kowane gida ya turo wakili ɗaya ko biyu.

Tsayar da lokaci

Daga ranar biki ake lissafowa baya. Abubuwan da zaman zai yanke, kamar kama wurin taro da buga katin gayyata da tattara gudummawa, kowanne yana cin makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mako takwas kafin biki tazara ce mai kyau ga zaman farko: ta isa a aiwatar da abin da aka yanke, ta kuma bar sarari ga zama na biyu. Mako takwas kafin 12 ga Disamba ya faɗa ranar Asabar, 17 ga Oktoba. Ita gayyatar ta fita mako biyu kafin nan, wato Asabar 3 ga Oktoba. Idan ta yi ƙasa da mako guda, na nesa da masu aikin da sai sun nemi izini ba za su samu zuwa ba, idan kuma ta kai wata guda, mantawa ake yi.

Kada ka jefa tambayar "yaushe kowa ke da dama?" a cikin guruf. Mutum 24 za su ba ka amsa 24. Ka ware mutum huɗu ko biyar da in babu su zaman bai yiwu ba, ka ba su ranaku biyu su zaɓa, abin da suka haɗu a kai shi ne ranar. Sauran sanar da su za a yi.

Wajen rubutawa, ka haɗa sunan rana da kwanan wata da wata, kuma ka buɗe kalanda ka tabbatar sun dace. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta "Asabar 18 ga wata" alhali 18 Lahadi ce, sai dangi su rabu biyu, wasu su bi suna wasu su bi lamba. Ka guji "gobe", "jibi" da "Asabar mai zuwa", domin saƙo yana yawo daga waya zuwa waya, wanda ya karanta bayan kwana biyar zai fahimci wata rana daban. Lokacin ma a sa shi da lamba, a ce 10:30 na safe. Kalmomi irin su "da hantsi" ko "da yamma" kowa da yadda yake auna su.

Sai abin da kusan kowa ke bari: lokacin tashi. Ka rubuta "10:30 na safe zuwa 12:30 na rana". Wanda ya san awa biyu ce zai fi saurin cewa zai zo, kuma mai jagorantar zaman zai samu hujjar katse doguwar magana ba tare da an ga baƙinsa ba. Idan akwai waɗanda ke wata ƙasa da za su shigo ta waya, ka rubuta musu lokacin da agogon inda suke, kusa da sunan ƙasar, kada ka bar musu lissafi.

Wuri

"A gida" ba adireshi ba ne a dangin da ke da gidaje goma. Ka faɗi gidan wa, lambar gida, sunan layi da unguwa, da wata alama da baƙo zai gani daga titi. Bayan haka ka tura taswira a saƙo na daban. A WhatsApp, ka tsaya a ƙofar gidan ka zaɓi "Send your current location". Kada ka zaɓi "Share live location", domin wannan yana bin ka duk inda ka je, kuma yana mutuwa bayan minti 15, awa 1 ko awa 8, gwargwadon abin da aka zaɓa.

Zaɓen gidan kansa yana da siyasa. Idan akwai 'yan'uwa biyu da ba sa ga maciji, kada a sa zaman a gidan ɗayansu, a kai shi gidan babban da dukansu ke jin nauyi. Ka je da kanka ka ƙirga wurin zama, ka duba ko akwai matakala da tsofaffi za su sha wahala a kai, da inda za a ajiye motoci. Falon da ke ɗaukar mutum goma sha biyar, idan aka zuba masa 24, matasa ne za su koma waje, kuma su ne waɗanda za a ɗora wa aiki.

Ajanda, inda aikin yake

Yawancin ajandar da ake rubutawa jerin sunaye ce: wuri, kuɗi, baƙi, sauransu. Irin wannan ba ta gaya wa kowa abin da ake so ya yi ba. Ka mayar da kowane batu tambayar da za a amsa kafin a tashi. Maimakon "wuri", ka rubuta "zaɓar ɗaya daga wurare biyu da aka duba". Maimakon "baƙi", ka rubuta "tsayar da adadin mutanen da za a gayyata". Da haka duk wanda ya karanta ya san ina maganar ta nufa, kuma a ranar zaman ana iya gane lokacin da batu ya ƙare.

Jerin batutuwan ma ba a yin sa yadda aka ga dama, domin wani yana jingine a kan wani. A misalinmu an duba wurare biyu, ɗaya yana ɗaukar mutum 250, ɗayan 400. Idan aka fara da zaɓar wuri, aka ɗauki ƙaramin saboda sauƙinsa, sannan aka zo lissafin baƙi kowane gida ya kawo nasa jimilla ta kai 380, dole a warware abin da aka ƙulla. Saboda haka adadin baƙi ne farko, shi zai nuna wurin, wurin da adadin su nuna kiyasin kuɗi, sannan a raba aiki. Sai ka ba kowane batu mintinsa. Awa biyu minti 120 ce: buɗewa 5, karanto abin da aka riga aka yanke 10, adadin baƙi 25, wuri 20, kiyasi da gudummawa 35, rabon aiki 20, sa ranar zama na gaba 5. Batutuwan yankewa huɗu ke nan, kuma sun isa. Wanda ya cusa takwas a awa biyu zai tashi bai gama ko uku ba.

Maganar kuɗi ita ce wadda marubuta ke jin kunyar sakawa, sai su ɓoye ta a ƙarƙashin "da sauransu". Wannan kunyar tana da tsada. Mutumin da aka yi wa ba-zata da maganar gudummawa a gaban jama'a, ko dai ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba don kada a raina shi, ko ya yi shiru ya tafi da ɓacin rai. Ka rubuta ta a fili, ka kuma faɗi yadda za a yi ta: za a karanto kiyasin gaba ɗaya da abin da iyaye suka ɗauka, wanda ke da niyya ya sanar da mutum ɗaya da aka wakilta, a keɓe. Idan kuma iyayen ba sa neman ko sisi, wannan ma a rubuta, domin akwai masu ƙin zuwa don tsoron a tambaye su. Adadin da ake sa rai daga wani, ko sunan wanda ake ganin mai hali ne, ba ya shiga gayyata ko kaɗan, tunda ba ka san hannun da saƙon zai faɗa ba.

Layin "abin da aka riga aka tsayar" yana bukatar laushin harshe, don kada manya su ji kamar an gama komai sannan aka kira su shaida. A sa shi a matsayin sanarwa daga Baba, a bi shi nan take da abin da ake neman shawararsu a kai. Shi kuwa "sauran batutuwa", na fi son a cire shi, a maye gurbinsa da cewa mai ƙarin batu ya turo kafin ranar da aka sa. Ta ƙofar "sauran batutuwa" ce tsohuwar rigimar gado ko ta wani bikin da ya wuce take shigowa. Abin da ya shafi mutum biyu kawai, kamar sulhunta wasu, a yi shi daban kafin zaman.

Ga yadda gayyatar za ta kasance idan an haɗa:

> Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Baba na gayyatarku zaman dangi don shirin bikin 'yarku wance.
>
> Rana: Asabar, 17 ga Oktoba, 2026
> Lokaci: 10:30 na safe zuwa 12:30 na rana
> Wuri: gidan Baba, lamba kaza, layi kaza, unguwa kaza. Taswira na biye.
>
> Baba na sanar da ku cewa an tsayar da bikin ranar Asabar, 12 ga Disamba, yini ɗaya. Yana neman shawararku a kan:
> 1. Tsayar da adadin waɗanda za a gayyata. Kowane gida ya zo da lissafinsa a rubuce.
> 2. Zaɓar ɗaya daga wurare biyu da aka duba, mai ɗaukar 250 da mai ɗaukar 400.
> 3. Kiyasin kuɗi. Mai niyyar gudummawa zai sanar da Kawu a keɓe, ba a wurin zama ba.
> 4. Rabon aiki: tarbar baƙi, masauki, sufuri, rabon kati.
>
> Don Allah a sanar da ni zuwa daren Talata, 13 ga Oktoba, ko za a samu zuwa. Wanda ke da uzuri ya turo wakili ko ya aiko da ra'ayinsa. Mai ƙarin batu ma ya turo zuwa ranar.
>
> Ɗanku wane, a madadin Baba, sai lambar waya.

Lura da batu na farko, inda aka ce kowane gida ya zo da lissafi a rubuce. Ba don wannan ba, minti 25 ɗin za su ƙare ana tuno sunaye. Kafin ka tura, ka karanta wa Baba da babbar murya, sannan ka ba wani da bai san komai a kan shirin ba, ka tambaye shi yaushe ne, ina ne, me ake so ya kawo. Duk inda ya yi jim, akwai gyara.

Isar da ita: wa zai fara ji

Gayyata mai kyau tana iya lalacewa a hanyar isarwa. Manya ba a guruf suke fara jin labari ba. Kwana ɗaya ko biyu kafin saƙon ya fita, wato Alhamis 1 da Juma'a 2 ga Oktoba, a kira su ko a je musu. Sa'o'in Baba da waɗanda suka girme shi, shi zai kira su da kansa. Waɗanda aka bar maka, ka fara da gaisuwa yadda ta kamata, sannan ka ce, "Gwaggo, Baba ne ya ce in sanar da ke, ana so a zauna kan bikin 'yarki ranar Asabar 17 ga wata, ƙarfe goma da rabi na safe, a gidansa. Ya ce ba za a yanke komai ba sai kina nan. Zan turo miki a rubuce." Idan ka faɗi jimlar nan ta tsakiya, to ka tabbata gaskiya ce.

Ranar Asabar sai rubutaccen saƙo ya fita. Idan guruf ɗin dangi yana da mutum saba'in, kai kuma 24 ka ke kira, kada ka saka a can, domin ko dai waɗanda ba a kira ba su zo, ko su ji an ware su. Ka tura wa kowa shi kaɗai, ko ka buɗe ƙaramin guruf na zaman. Masu amfani da "New broadcast" su sani cewa saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya adana lambarka a wayarsa, sauran ba za su gani ba kuma ba abin da zai gaya maka dalili. A cikin guruf, ka danna saƙon ka riƙe ka zaɓi "Pin" na kwana 30 don kada hira ta binne shi, tunda na kwana 7 zai sauka kafin ranar. Idan ka hango kuskure, "Edit" yana aiki ne cikin minti 15 kawai. Bayan nan sai dai ka goge, ka turo sabo da kalmar GYARA a samansa, don kada saƙo biyu masu saɓani su riƙa yawo.

Wanda karatu ke yi wa wuya, ka yi masa saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, ka maimaita rana da lokaci sau biyu. Mai ƙaramar waya kuwa tes za ka tura, kuma a nan akwai tarko: tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ, ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙon ya rarrabu, wasu wayoyin ma su nuna akwatuna a gurbin haruffan. Ka rubuta shi da haruffa marasa lanƙwasa:

> Salam. Baba na gayyatarku zaman shirin biki: Asabar 17 Oktoba, 10:30 na safe zuwa 12:30, a gidansa. Ajanda: gayyata, wuri, kudi, aiki. A amsa zuwa Talata 13.

Bibiyar amsa

Alamar shuɗi biyu tana nufin an buɗe saƙo, ba ta nufin za a zo. Haka "Allah ya kai mu" da "Allah ya sanya alheri" addu'a ce, ba alkawari ba. Ka koma kan takardar sunayenka, ka sa alama a gaban wanda ya ce zai zo da bakinsa, sauran ka tambaye su kai tsaye cikin ladabi: "Kawu, in sa ka cikin masu zuwa?" A ce zuwa daren Talata ka samu 16 za su zo, 3 za su shigo ta waya, 2 sun turo wakili, 3 shiru. Ukun nan a kira su ranar Laraba. Idan cikin masu shirun akwai ɗaya daga manyan da aka zaɓi ranar da su, kada ka bi shi da kanka, ka gaya wa Baba, domin irin wannan shirun yakan zama alamar an ɓata masa rai a wani wuri.

Ga masu shigowa ta waya, ka gwada kiran tun ranar Juma'a a ɗakin da za a zauna. Kiran WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, ya wadatar. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, wato zai katse daidai lokacin da ake kammala maganar baƙi, sai an sake shiga. Ka ɗora wa mutum ɗaya riƙe wayar, shi zai riƙa cewa wane yana son magana, in ba haka ba za a manta da su.

Tunatarwa ta fita ranar Alhamis 15 ga wata, gajeriya: rana, lokaci, wuri, da "a zo da lissafin baƙi". Idan wani batu ya ƙaru daga waɗanda aka turo kuma Baba ya amince, a nan za ka sanar, ka kuma rage mintinsa daga wani batun don awa biyun ta tsaya yadda take. In kuwa larura ta sa dole a ɗaga zaman, kada ka tura "an ɗaga" kawai. Ka tsayar da sabuwar rana tukuna, ka tura sokewa da sabuwar gayyata a saƙo ɗaya, ka kira na nesa da baki kafin su kama hanya, sannan ka duba ko sabuwar ranar ta bar aƙalla mako shida kafin 12 ga Disamba, wato kada ta wuce 31 ga Oktoba.